Shef ya ce maki 1 awa 4 ne, ni kuma kaina ya ɗaure

Ramatu: Salamu alaikum ƴan gida. Don Allah ina da tambaya kar ku yi min dariya, wata na biyu ke nan ina istaji a wani ƙaramin kamfani nan Yamai, muna gina aplikasiyo ma wata ƙungiyar masu sayar da albasa, wadda za su riƙa rubuta buhun da ya shiga magaza da wanda ya fita da bashin kowane mamba. Jiya an yi taron shirya siprin, wato zangon aikin da za mu shiga, aka ce kowa ya ba kowane tike, wato guntun aiki, maki, abin da suke ce ma sitori poyin, ni aka ba ni tiken fidda resi na ce 5, shef ya ce to awa 20 ke nan tunda maki ɗaya awa huɗu ne, ranar Laraba yana jira. Amma wani yayanmu a ekip ɗin ya ce min a gefe ba haka ake yi ba maki ba awa ba ne. To in ba awa ba ne mene ne? kuma in dai a ƙarshe kiliyan rana yake so a faɗa mishi, me ya hana mu faɗi awa tun farko mu huta

Sani Injiniya: Wa alaikis salam ƙanwata. Yayan naku ya yi gaskiya, shef ɗinku ne bai gane ba. Maki wuyar aiki yake aunawa kawai, babu ruwanshi da lokaci ko kaɗan. Aiki mai wuya maki da yawa, mai sauƙi maki kaɗan shi ke nan

Lawali: mu a wurinmu wanda ya fi tara maki a wata shi ake ba pirim, ki dage ki riƙa ɗaukar manyan tike ƙanwata kuɗi ne 😂

Hadiza: Lawali ba abin da ta tambaya ba ke nan, kuma wannan tsarin naku ma za mu dawo kanshi don akwai magana

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Ramatu tambayarki ba ta dariya ba ce, ni na yi shekara biyu ina ba da maki kafin in gane abin da nake yi. Sani, rabin maganarka daidai, amma wannan "babu ruwanshi da lokaci" ɗin ban yarda ba. Ɗauki aikin nasu. A ce ƙungiyar ta kawo musu littafi mai sunan mamba 400 an rubuta da hannu, sai an shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wuya a ciki? Babu, yaron sakandare zai yi. Amma zai ci yini biyu ko fi, ba za ka ba shi maki 1 ba don wai yana da sauƙi. Maki girman wahalar da za a sha ne kafin aiki ya ƙare, kuma abu uku ke shiga ciki, yawan aikin, da sarƙaƙiyarshi, da abin da ba mu sani ba tukuna. Lokaci na ciki mana. Abin da babu shi ne farashi tsayayye, wato a ce maki ɗaya awa kaza ne yau da gobe ga kowa da kowa

Ramatu: Malam to ai nan ne ban gane ba, in lokaci na ciki me ya sa ba za a juya shi zuwa awa ba

Malam Isufu: Bari in tambaye ki. Tiken resin nan, ke awa nawa za ki yi, yayan naku kuma awa nawa?

Ramatu: ni gaskiya ban taɓa haɗa salula da firinta ta Bluetooth ba, zan iya yin kwana huɗu. Shi ya taɓa yi, ƙila yini ɗaya

Malam Isufu: Yawwa. In da awa ake kimantawa ku biyun ba za ku taɓa daidaitawa ba, ke ki ce 30 shi ya ce 8 kuma duk gaskiya kuka faɗa, sai a zauna ana gardama kan wa zai ɗauki aikin alhali ba a ma san wa zai samu sarari ba ranar. Amma in na ce muku ku kwatanta shi da tiken da kuka riga kuka gama, misali fom ɗin ƙara sabon mamba, ke za ki ce resi ya ninka shi wajen sau biyu da ɗan wani abu, shi ma zai ce haka, domin ko a hannunki ko a hannunshi resin ya fi fom girma da kusan gwargwado ɗaya. To in fom ɗin kun sa mishi 2, resi ya zama 5. Kun yarda da lamba ɗaya ba tare da kun yarda da awa ɗaya ba. Amfanin abin ke nan, mutum ya fi iya cewa wannan buhun ya ninka wancan nauyi a kan ya ce kilo 87 ne

Abdulkarimu Tawa: Ni yadda anka hwahimtar da ni shi ne kamar hanya. Daga Yamai zuwa Tawa kilomita ɗari biyar da wani abu ne, ka bi Doso ka bi Dogon Dutsi ka bi Ƙonni, ko wace mota ka shiga nisan bai canzawa. Amma kar ta ƴan kasuwa da babbar mota shaƙe da albasa ba su isa lokaci guda. Maki shi ne kilomita, awa kuma ta danganta da wa ke tuƙi da mi ya ɗauko

Hadiza: Misalin ya yi Abdulkarimu amma yana da rami guda. Hanyar Tawa an riga an auna ta, kowa ya san nisanta. Tike kuwa kamar a ce maka je ka wani ƙauye ne bayan Ƙonni da ba ka taɓa zuwa ba kuma damina ce, ba ka san ko kwari ya cika ba. Shi ya sa in ba mu san abu ba muke ƙara mishi maki ko da a ido gajere ne. Ni tes nake yi, kuma abin da ke ba ni haushi masu kod in suna ba da maki hannunsu kawai suke lissafawa, a manta cewa resin nan sai na gwada shi a firinta iri biyu, da takarda ta ƙare a tsakiya, da suna mai ƙ da ɗ da firinta mai arha take maida su alamar tambaya. Maki na tike ne har ya kai ga an gama, da tes ɗinshi da gyaranshi, ba na mai rubuta kod shi kaɗai ba

Ramatu: wayyo Anti Hadiza wallahi ban ma yi tunanin haruffan nan ba, kuma rabin mambobin sunansu na da su

Hadiza: to kin ga 5 ɗinki ma ƙila 8 ne 😅

Sani Injiniya: Na karɓi gyara Malam kan maganar lokaci. Amma fa ni har yanzu ina ganin in ka ɗauki awowin siprin ka raba da maki dole lamba ta fito, to ba ita ce shef ɗin yake faɗa ba? mutum 4, kwana 10, in sun yi maki 20 ai lissafi ya ba ka kwana biyu na mutum ɗaya a kowane maki

Malam Isufu: Lamba za ta fito, ko me ka raba da wani abu lamba za ta fito. Matsakaici ne na abin da ya wuce, na ekip gaba ɗaya, kuma yana aiki ne kawai in ka tara tike da yawa. A kan tike ɗaya ƙarya yake yi. Na buɗe namu na watan jiya yanzu don kar in yi magana a iska, tike uku da muka ba 3, ɗaya ya ci awa 5, ɗaya 11, ɗaya 19 saboda mun yi kwana muna jiran kiliyan ya amsa tambaya ɗaya sannan aka sake gyara. Akwai kuma mai 5 da ya ƙare a awa 14, wato ya riga wani mai 3 ƙarewa. Ba kuskure muka yi ba, haka abin yake, masu 5 a dunƙule sun fi masu 3 cin lokaci amma gefensu na shiga juna. To shef ɗin Ramatu ya ɗauki abin da ke da faɗi haka ya maida shi alƙawarin ranar Laraba ƙarfe kaza a kan yarinya ɗaya mai istaji. Kuma awa huɗun ma daga ina ya samo ta? ba daga aikinsu ba, da ka ya yanka

Ramatu: ya ce a wurin da ya yi aiki da haka suke yi

Malam Isufu: Shi ne fa. 2 ɗin wancan wurin ba 2 ɗinku ba ne, kowace ekip da ma'auninta, kamar tiya ce, ta wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba

Abdulkarimu Tawa: Malam ni abin da ban taɓa ganewa ba, don mi ake tsallake 4 da 6 da 7? Ranar nan munka yi gardama ni na ce 6, anka ce babu 6 a kati

Malam Isufu: Da gangan ne. Jerin Fibonacci ake bi, 1, 2, 3, 5, 8, 13, kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, wasu katunan daga 13 sai su tafi 20, 40, 100. Dalili, yadda aiki ke girma haka ganinmu ke raguwa. Tsakanin 1 da 2 kowa na iya bambancewa, ninki ne. Tsakanin 6 da 7 kuwa ba wanda ya isa, sai dai a ɓata rabin awa ana jayayya a kan abin da ba mai iya gani. In an tilasta maka zaɓi tsakanin 5 da 8 dole ka tsaya ka ce shin ya fi kama da wancan mai 5 da muka yi ko da wancan mai 8. Mu dokarmu in muna shakka mu hau sama

Ramatu ga yadda zan ba ki shawara ku yi a taro na gaba, ba sai da kayan aiki ba, takarda ma ta isa a yayyanka a rubuta lambobin. Ku fara zaɓen tike ɗaya ƙarami da kowa ya san shi kuma an gama shi, ku ce wannan 2 ne, shi ne ma'auni. A karanta sabon tike, a yi tambayoyi, sannan kowa ya zaɓi katinshi a ɓoye a buɗe lokaci guda. Ɓoyewar nan ita ce gishirin abin, don in babban yaya ya riga ya ce 3 da baki ba ƙaramin da zai iya cewa 8, kunya ba za ta bari ba. In an buɗe sai mai ƙaramar lamba da mai babba su faɗi dalili, a sake jefawa. Shi ne pilanin poka, James Grenning ya fito da shi a 2002, Mike Cohn ya yaɗa shi da littafinshi na 2005. Zagaye biyu ko uku ya isa, in an kasa daidaitawa ba lamba ce matsalar ba, tiken ne ba a gane ba

Hadiza: Bari in ba da namu da ya faru, don nan ne na yarda da katin. Tike ne na cewa aplikasiyo ta yi aiki ko babu rezo, in rezo ya dawo ta tura bayanan sarba. Aka buɗe kati, mutum biyu 3, ɗaya 5, ni 13. Duk suka juyo suna kallona. Mai 3 ya ce ai ajiyewa ne a salula sannan a tura, mene ne a ciki. Na ce to magazinye biyu suna ƙauye babu rezo, akwai buhu 10 a lissafi, wannan ya fitar da 7 wancan ya fitar da 6, da yamma duk suka samu rezo, sarba ta yarda da wa? Shiru. Ashe ba wanda ya tambayi kiliyan wannan. Muka sake jefawa kowa 13, sai muka fasa shi gida uku, ajiya a salula 3, turawa in rezo ya dawo 5, sasanta rikicin lissafi kuma muka ƙi ba shi maki sai da aka je aka tambayo, da amsa ta zo ya zama 8. Jimilla 16, abin da aka so a rubuta 3. Da awa aka tambaya da mai 3 ɗin ya ce yini ɗaya da rabi an wuce wurin, ni kuma ba mai tambayata tunda ba ni zan rubuta ba

Ramatu: kai wannan matsalar muna da ita sak, magaza biyu gare su, kuma tiken namu 5 aka sa mishi 😭

Hadiza: gobe da safe ki tada maganar tun kafin a fara

Lawali: To duk na ji, amma kiliyan fa? Alhaji ya zo ya ce yaushe za ku gama nawa zan biya, sai in ce mishi Alhaji maki 126 ne? ai sai ya ɗauki hularshi ya fita

Malam Isufu: 😂 Ba ka faɗa ma Alhaji maki, maki na cikin gida ne. Alhaji sati da kuɗi za ka faɗa mishi, kuma nan ne belosite ke shigowa, wato jimillar makin tiken da aka gama kakaf a siprin ɗaya. Mu ɗauki 126 ɗinka. A ce siprin ɗinku sati biyu ne, uku na baya kun gama 18, 24, 21. Matsakaici 21, 126 raba 21 ya ba ka siprin 6, sati 12. In abubuwa sun tafi kamar siprin mafi muni, 126 raba 18 siprin 7 ne, sati 14. To ka ce ma Alhaji tsakanin sati 12 da 14 in bai ƙara komai ba, kuɗi kuma ka san abin da ekip ke ci a sati biyu, ka ninka da 6 da kuma 7 ka sa a debi. Ka lura ban tambayi kowa awa nawa yake aiki ba. Ɗaukewar wuta, koneksiyo da ke rarrafe, taro, zuwa suna da gaisuwar rasuwa, rabin yinin Juma'a, duk sun riga sun shiga cikin 18 da 24 ɗin nan da kansu. Mai lissafin awa yana ɗauka mutum na zaune awa 8 yana kod, wanda ko a mafarki ba a yi

Abdulkarimu Tawa: in azumi ya zo kuma ko zahin watan Afrilu da wuta ke yawan tahiya?

Malam Isufu: Belosite ta sauka, makin tike ya tsaya inda yake. Resi mai 5 yana nan 5 ko da azumi, abin da ya canza shi ne nawa kuke iya gamawa. Shi ya sa ake duban siprin uku na kusa ba na bara ba

Sani Injiniya: sabuwar ekip da ba ta da siprin ko ɗaya a baya fa, ko furojen da dole ka ba da debi kafin a sa hannu? nan ai dole ka koma awa Malam kar mu yaudari kanmu

Malam Isufu: Nan ka kama ni, a siprin na farko babu belosite, ka ɗauki abin da kuke ganin za ku iya ku gani. Debi kafin fara aiki kuma ni ma da kwanaki nake lissafa shi in ƙara kaso a kai saboda abin da ban sani ba, ban da wata dabara da ta fi wannan. Abin da nake ƙi shi ne a rubuta wa maki farashin awa a manna a bango

Hadiza: Yanzu Lawali mu dawo kan pirim ɗinku. Tun da aka fara biyan mai yawan maki, belosite ɗinku ta hau ko?

Lawali: sosai ma, da muna wajen 20 yanzu muna haura 40

Hadiza: abin da kuke miƙa ma kiliyan a wata ya ninka?

Lawali: hmm gaskiya kusan yadda yake ne 😅

Hadiza: To ka gani, makin ne ya kumbura. Hanyar ganewa mai sauƙi, ɗauko tiken da kuka ba 5 satin nan ka ajiye kusa da wanda kuka ba 2 wata shida da suka wuce, in girmansu ɗaya ka san abin da ya faru. Kuma na tabbata ba mai son taimaka ma wani yanzu tunda makin ba sunanshi zai hau ba, ba mai son ɗaukar gyaran bog. Irin wannan ne zai samu su Ramatu ta wata ƙofar, in 5 na nufin Laraba, gobe kowa zai ce 8 don ya samu sarari, ita ma za ta koya

Lawali: ni dai pirim ɗina ba zan je in ce a soke ba Hajiya, ina da iyali

Sani Injiniya: Shi ya sa wasu suka watsar da makin baki ɗaya. Ron Jeffries da kanshi, cikin mutanen farko na tsarin aikin kod da ake ce ma XP, ya rubuta a 2019 cewa mai yiwuwa shi ya ƙirƙiro su kuma in shi ne yana nadama. Asali ma kwanakin aiki ne na wanda ba a dame shi ba suke ƙirgawa, su ninka da wajen uku su samu kwanakin gaske, da abin ya riƙa rikita masu kuɗi sai suka cire sunan kwana suka ce maki. Kuma jagoran tsarin aikin Scrum na 2020 ko ambaton sitori poyin bai yi ba. Mu yanzu fasa tike muke ƙanana ƙanana mu ƙirga guda nawa muke gamawa a sati

Malam Isufu: Duk gaskiya ne, kuma ƙirga tike na aiki in kun iya fasa su kusan girma ɗaya. Amma ekip da ba ta iya fasawa ba tukuna, irin wadda ke sa 5 a kan aikin 16, ni ina ganin katin ne ke koya mata, ba don lambar ba, don gardamar da ke tashi in wani ya ɗaga 3 wani 13

Sani Injiniya: gardamar ai ana iya yinta ba kati

Malam Isufu: ana iya, in ƙaramin cikinku na iya buɗe baki gaban babba. A nan garin ka san yadda muke

Ramatu: Na gode ƙwarai yayyena. Tambaya ta ƙarshe, in Juma'ar ƙarshen siprin ta zo resin na fita amma haruffan nan ba su gyaru ba, ana ba ni 3 cikin 5?

Hadiza: Sifili. Bai gama ba bai shiga lissafi ba, ya koma siprin na gaba. Kuma ba ke ake ba ba, ekip ce

Abdulkarimu Tawa: mu in ya koma muna sake mishi maki a kan abin da ya rage, wasu kuma su bar shi da 5 ɗinshi su ƙirga ranar da ya ƙare, har yau ba mu daidaita ba a buro

Malam Isufu: Ni barinshi nake da 5, siprin ɗaya ya yi ƙasa na gaba ya yi sama matsakaici ya gyara kanshi. Ramatu shef ɗinki kuma kar ki je ki ce mishi bai iya ba, kina istaji ne. Ki roƙi yayan naku ya buɗe Jira ya fiddo tike goma na baya da makinsu da ranar da aka fara da ranar da aka gama, ya nuna mishi su a taro

Ramatu: ba Jira muke ba Excel ne, kuma ranar gamawa kawai ake rubutawa, bari in ƙara layin ranar farawa daga Litinin